"Alhaji, ba sikirinshot nake so ba": yadda ake neman hoton kaya na asali

Leshi yana iya barin Kantin Kwari da safe ya isa Gombe da yamma ba tare da zare ɗaya ya tsinke ba. Hotonsa kuwa, wanda yake yin wannan tafiya cikin daƙiƙa biyar, sau da yawa a wahalce yake isa. Duwatsun sun dusashe, jan zaren ya malala cikin fari, a samansa ga alamar batiri da ta agogo, a ƙasansa ga rubutun wani. Mai shago ta kalla ta san ba za ta iya sayar da kaya da wannan ba, sai ta rubuta wa mai ba ta sari: "Alhaji, don Allah a turo min mai kyau." Bayan minti goma hoto ya shigo. Shi ne dai na ɗazu, ko ƙaninsa.

Ba wulaƙanci Alhaji ya yi mata ba. A wayarsa hoton ras yake, domin a faɗin tafin hannu kusan kowane hoto kyau yake yi. An ce masa a turo mai kyau, ya duba ya ga mai kyau ne, ya turo. Matsalar tana cikin saƙon. Bai faɗi wane fayil ake nema ba, bai faɗi ta wace hanya za a turo shi ba, bai kuma ba da wata alama da za a gane an turo daidai ba. Kafin mutum ya iya rubuta saƙon da zai faɗi waɗannan abubuwa uku, sai ya san abin da yake faruwa da hoto a hanya.

Abin da hanya take ci

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Yawancin wayoyin yanzu, ko da an rubuta megafiksel 50 a kwalinsu, in ba a canza saiti ba suna ajiye hoto mai fiksel kusan miliyan 12, wato 3000 a faɗi da 4000 a tsawo idan an riƙe wayar a tsaye. Nauyin irin wannan hoto yakan kai MB 2 zuwa 5. Shi ne hoton asali, kuma yana zaune ne a wuri ɗaya tak: cikin wayar da ta ɗauke shi.

Da zarar yaron shago ya tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar za ta rage shi, dogon gefensa ya koma 1600. Hoton 3000 da 4000 ya zama 1200 da 1600, nauyinsa ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwan KB ko ƙasa da haka. A lissafi, daga fiksel miliyan 12 an dawo ƙasa da miliyan 2. WhatsApp ba don mugunta yake yin haka ba. An gina shi ne don hoto ya wuce ko da sabis ɗin sanda ɗaya ne, kuma don hirar yau da kullum hakan daidai ne.

Mummunar ɓarnar a mataki na gaba take. Manyan 'yan kasuwa da yawa a Status suke baje sabon kaya. Mai kallon Status ba shi da maɓallin ajiyewa, ga shi bayan awa 24 abin zai ɓace, don haka sai ya danna sikirinshot. To sikirinshot ba ya kwafo fayil, abin da fuskar wayar take nunawa kawai yake ɗauka. Ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutane, da yawansu faɗin fuskarsu fiksel 720 ne. Ke nan hoton da ke cikin sikirinshot ɗin 720 da 960 ne, fiksel 691,200, kusan kashi 1 cikin 17 na asali. Sauran tsawon duk baƙin fili ne da alamomin waya. Idan wanda ya ɗauka shi ma ya ɗora a nasa Status, wani ya sake ɗauka, haka abin zai yi ta lalacewa, hannu bayan hannu.

Waɗannan lambobi ba sa nuna komai sai an ɗora su a kan yadi. A ce an shimfiɗa leshi a kan tebur, an ɗauki hoton da faɗinsa ya ci yadi ɗaya, wato santimita 91. A hoton asali kowace santimita ta samu fiksel 33. Ƙaramin dutse mai milimita 3 ya samu wajen fiksel 10 a faɗi, abin da ya isa a ga zagayensa da walƙiyarsa, har a gane ko ɗinka shi aka yi ko manna shi. A hoton WhatsApp dutsen ya samu fiksel 4, ana dai ganin akwai wani abu mai haske a wurin. A sikirinshot bai kai 3 ba. Fiksel ɗaya a nan ya fi milimita ɗaya faɗi, don haka duk zaren da bai kai wannan kauri ba ya narke cikin maƙwabcinsa. Abin da ya raba leshi mai tsada da kwaikwayonsa yawanci a nan yake, a cikar aikin zare da tsaftar bakin huda. Sikirinshot yana mayar da su abu ɗaya, kuma mai kaya na gari ne yake asara a wannan daidaito.

Bayan rage girma akwai matsewa. Tsarin JPEG, wanda aka kafa tun 1992 kuma har yau shi ne yawancin hotuna ke yawo a cikinsa, yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu fiksel 8 da 8, a cikin kowanne ya zubar da bayanan da ido ba zai yi saurin lura da rashinsu ba. Yana kuma ririta haske da duhu fiye da launi: a matsewar da aka fi yi, bayanin launi rabi ake bari a faɗi, rabi a tsawo. Shi ya sa ja da ruwan hoda suka fi kowa shan wahala, bakinsu yakan yi kamar rini ya zuba. Shadda ita ma tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, domin zanenta launi ɗaya ne da jikinta, bambancin sheƙi ne kawai yake fito da shi, kuma irin wannan ɗan bambanci shi matsewa take fara zubarwa. Farar shadda mai zane a sikirinshot takan koma farin yadi kawai.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. Za a iya kai hoton 720 wajen mai kwamfuta ya ja shi ya kai 3000, amma kamar ƙara ruwa ne a kunu: kwano ya cika, gero bai ƙaru ba.

Duba kafin a yi magana

Mu koma kan waccan mai shago, a matsayin misali. An turo mata hotunan leshi 12, tana son ta ɗora su a Instagram, ta kuma buga takardar talla saboda Sallah ta matso. Kafin ta rubuta komai, sai ta buɗe ɗaya a Gallery, ta shiga Details. Abu uku za ta karanta a nan: suna, girma, nauyi.

Sunan fayil yakan tona asirin inda hoto ya biyo. A wayar Android, hoton da ya shigo ta WhatsApp yana da suna irin IMG-20250304-WA0012.jpg, kuma wannan WA ɗin shi ne hatimin. Wanda kyamara ta ɗauka kai tsaye yakan zo da kwanan wata da lokaci, kamar IMG_20250304_101522.jpg, ko a iPhone ya zo da lamba huɗu kamar IMG_4821.HEIC. Wanda aka ajiye daga WeChat yakan fara da mmexport. Sikirinshot kuwa sunansa a goshinsa yake, da Screenshot yake farawa.

Girma shi ne babban alƙali. Nata sun nuna 720 da 1600. Wannan siffa, doguwa siririya, siffar fuskar waya ce, ba ta kyamara ba. Nauyi shi kaɗai yana iya yaudara, domin sikirinshot da aka ajiye a tsarin PNG yana iya wuce MB 1 alhali ba komai a cikinsa. Sai an haɗa nauyi da girma.

Gwaji na ƙarshe da yatsa biyu ake yin sa. Ta buɗa hoton a kan bakin yadi ko a kan lambar da ke jikin leda. A hoton asali rubutun zai ci gaba da karantuwa, saƙar yadin ta fito. A matsattse za ta ga ƙananan murabba'ai, da wata ƙura-ƙura da ke zagaye haruffa.

Yanzu ta san abin da ke hannunta, kuma tana iya lissafin ko zai yi mata aiki. Instagram ya daɗe yana nuna hoto a faɗin 1080. Idan ta yanke baƙin fili da gefen tebur daga sikirinshot ɗinta, abin da zai rage bai fi 500 ba, za a ja shi fiye da ninki biyu kafin ya cika wurin. A wajen buga takarda abin ya fi tsanani. Masu ɗab'i suna neman ɗigo 300 a kowane inci don abin da za a riƙe a hannu. Takardar A5, rabin A4, faɗinta santimita 14.8, tana bukatar fiksel 1748. Hoton 720 zai yi kyau ne a faɗin santimita 6 kacal, na WhatsApp mai 1200 ya kai santimita 10, na asali mai 3000 ya kai 25. Babban allon da za a kafa a bakin titi yana da sassauci tunda daga nesa ake kallonsa, amma takardar da za a miƙa wa mace a gidan biki ba ta da shi.

Saƙon

Ga irin abin da ya kamata ta rubuta:

"Assalamu alaikum Alhaji. Ina wuni, ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi.

Na ga sababbin lesukan da aka turo, ina son in tallata 12 daga ciki, na sa musu alama a ƙasa. Sai dai waɗanda suka iso gare ni sikirinshot ne, in na buɗa su aikin zaren ba ya fitowa, kwastomomi kuma suna ta tambaya ko dutsen ɗinki ne ko manni.

Alfarmar da nake nema, a turo min hotunan daga wayar da aka ɗauke su da ita. Wanda ya ɗauka ya shiga hirarmu, ya danna alamar haɗa fayil, ya zaɓi Document, ba Gallery ba, sannan ya zaɓo hotunan. In an yi daidai za su zo kamar takarda, da suna da nauyi a jiki, kowanne wajen MB 2 zuwa sama. A fara turo ɗaya in duba kafin a wahala da sauran.

Kowane zane ina son hoto biyu, na gaba ɗaya da na kusa, da lambar kayan a rubuce a ƙarƙashi. Zan ɗora su a shafina na Instagram da takardar tallar Sallah, in ba ka da damuwa da hakan. Mai bugawa ya ce in kai masa ranar Laraba. Datar turawa ni zan sa wa yaron.

Na gode, Allah ya bar zumunci."

Saƙon ya fi "a turo min mai kyau" tsawo, amma kowane layi yana da aikin da yake yi, kuma wasu sun cancanci a tsaya a kansu.

Jumlar da ta fi kowacce nauyi ita ce "daga wayar da aka ɗauke su da ita". Mutane da yawa sun ji cewa Document ba ya rage hoto, gaskiya ne, amma sun ɗauka yana gyara shi. Document ɗan aike ne mai amana, abin da aka ba shi shi yake kaiwa. Idan Alhaji ya ɗauko hoton da yaronsa ya riga ya turo masa ta WhatsApp ya saka a Document, mai shago za ta karɓi fayil mai WA a sunansa, 1200 da 1600, babu abin da ya ƙaru. A manyan shaguna ba kasafai maigida ne yake ɗaukar hoto ba. Don haka sau da yawa mafita ita ce ta nemi izinin Alhaji ya haɗa ta da yaron, ta yi maganar da shi kai tsaye. Ta nemi izinin, kada ta tsallake maigida, domin a kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Faɗin dalili shi ma ba ado ba ne. Da ta ce hotunanka ba su da kyau, ta taɓa shi. Da ta ce kwastomomi suna tambaya ko dutsen ɗinki ne, ta nuna masa cinikin da yake tsayawa, kuma cinikin nasa ne shi ma.

Batun a fara turo ɗaya yana ceton rana guda. Babu abin takaici kamar yaro ya zauna ya tura fayil 24 a sabis ɗin cikin kasuwa, sannan a ce masa ba su ba ne. Mutum na yin hakan sau ɗaya, karo na biyu sai ya daina ɗaga waya.

Maganar data kuwa, a ganina ita ce aka fi mantawa, alhali ita ce take hana ruwa gudu. Hoto 24 a MB 4 kowanne sun kusa MB 100. Ta hanyar da aka saba, duka ba za su wuce MB 5 ko 6 ba. Yaron da yake tura wa mutum talatin hotuna kullum da datar aljihunsa yana da hujjar ƙin Document. Kati kaɗan yana warware wannan. Kuma ya kamata mai nema ta yi adalci: ba duk zane 80 da suka shigo za ta nema ba, waɗanda za ta tallata kawai.

Lambar kaya tana da nata dalilin. Hoton da ya zo a Document ba ya baje kansa a hira kamar yadda aka saba, suna ne ake gani, wani lokaci da ɗan ƙaramin hoto. Sunaye 24 masu kama da juna suna rikita mutum, kuma daga nan ake samun kwastoma ta zaɓi ruwan toka a kai mata ruwan ƙasa. Dabara mai sauƙi ita ce a rubuta lambar a 'yar takarda a ajiye a kusurwar yadin kafin a ɗauka. Ta shiga cikin hoton ke nan, duk inda ya je da ita zai je, kuma ana iya yanke ta lokacin talla.

Sai izini. Hoto na wanda ya ɗauka ne ko wanda ya biya aka ɗauka. Wasu masu ba da sari da gangan suke turo ƙarami ko mai tambarinsu a tsakiya, saboda sun gaji da ganin hotunansu a shafin wanda bai taɓa sayen ko turmi ɗaya a wurinsu ba. Wannan tsoro ne mai tushe. Mai shagon da ta faɗi inda za ta sa hoto, ta nemi yarda, ta ba Alhaji dalilin sake mata. In ya ce sai dai da tambari, sai a roƙi a mayar da shi kusurwa. Goge tambarin mutum ba da saninsa ba hanya ce ta rasa mai ba da sari.

Wani zai ce ai akwai HD. Akwai, tun watan Agustan 2023 WhatsApp ya fito da shi, kuma ana iya mayar da shi na dindindin a Settings, Storage and data, Media upload quality. Yana barin dogon gefe ya kai kusan 4000, don haka don Instagram da Status ya wadatar, ya kuma fi sauƙi ga wanda Document yake rikitawa. Amma har yanzu yana matsewa. Don ɗab'i, ko don farar shadda, Document ɗin dai. Iyakarsa GB 2 ce ga fayil ɗaya, ba hoton da zai kusance ta.

Idan mai ba da sarin a Guangzhou yake kuma ta WeChat ake magana, ka'idar ɗaya ce, maɓallin ne daban. Mai turawa sai ya zaɓi 原图 a ƙasan hoton kafin ya tura, kuma tura masa waɗannan haruffa biyu ya fi dogon Turanci saurin aiki. Mai karɓa shi ma yana da nasa: sai ya buɗe hoton ya danna ya sauke cikakken kafin ya ajiye, in ba haka ba ƙaramin zai ajiye. Kada kuma a bar shi ya kwana biyu a hira, domin fayilolin WeChat da ba a sauke ba sukan daina buɗuwa bayan wani lokaci. Ta imel kuwa, Gmail yana tsayawa a MB 25, hoto biyar ko shida ke nan. Abin da ya fi haka sai a zuba a folda a Google Drive a turo mahaɗin.

Amsoshin da za a iya samu

A misalinmu, fayil na farko ya iso da suna mai WA. Ba ta yi dogon bayani ba, ta rubuta wa yaron: "Sannu da ƙoƙari. Hanyar daidai ce, amma wannan wanda aka turo maka ne. Duba cikin foldar Camera, ba ta WhatsApp Images ba." Na biyu ya zo 3000 da 4000, MB 3.6. Ta buɗa, ta ga zaren da ya riƙe kowane dutse. Takwas daga cikin 12 haka suka zo.

Sauran huɗun yaron ya ce babu su a Camera, daga wajen kamfani aka turo. A nan neman hoton asali yake yin wani aiki da ba a nema ba. Wanda ya ɗauki hoton kaya da wayarsa, kayan sun taɓa zama a gabansa. Wanda ba shi da komai sai sikirinshot, mai yiwuwa wayarsa ce ta cika ya goge, abin da yake faruwa kullum, mai yiwuwa kuma kayan ba su iso ba tukuna, ko a shagon wani suke, ko hoton na wani leshi ne da nasa yake kama da shi. Rashin hoton asali ba hujjar ha'inci ba ce, amma dalili ne na yin tambaya ta gaba: "Tunda babu, a taimaka a ɗaukar min sabo yanzu, a sa takarda mai kwanan watan yau a gefe." Mai kaya a shago zai yi wannan cikin minti biyar. Wanda ya fara kewaye-kewaye, to a dakata da tura kuɗi. Ga wanda bai taɓa ciniki da mutum ba, wannan gwaji ya fi duk rantsuwar da za a yi masa a waya.

Hoton kamfani shi ma a yi hattara da shi ko da ya zo da cikakken girma. An ɗauke shi da fitilu, an gyara launi, wani lokaci ma zanen kwamfuta ne aka ɗora a kan siffar yadi. Yana da kyau don jawo ido, amma mai shagon da ba ta son rigimar "ba wannan na zaɓa ba" tana bukatar na gaskiya a gefensa.

Akwai 'yan matsaloli biyu da ke zuwa tare da fayil na asali. Na farko, iPhone tun 2017 yana ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda wasu tsofaffin kwamfutoci da wasu shafukan sayar da kaya ba sa karɓa. Mai iPhone zai iya shiga Settings, Camera, Formats ya zaɓi Most Compatible, daga nan sababbin hotunansa JPG za su zama. Na biyu, fayil na asali yana ɗauke da bayanan ɓoye: irin wayar, ranar da aka ɗauka, har da wurin da aka ɗauka idan an bar kyamara tana rubuta wuri. Turawa ta hanyar da aka saba tana goge waɗannan, Document ba ya gogewa. Ga mai saye wannan amfani ne, domin za ta ga ko hoton "sabon kaya" na bara ne. Ga matar da take ɗaukar hoton kaya a ɗakinta tana tura wa baƙi, gara ta kashe wannan saiti a kyamara tukuna.

Abin da hoton asali ba ya magani shi ne launi. Fiksel miliyan 12 da aka ɗauka a cikin rumfa ƙarƙashin farin kwan fitila za su nuna shuɗi inda ido yake ganin ruwan toka, kuma kyamarar waya tana ƙara wa launi ƙarfi da kanta don hoto ya burge. Ja mai duhu yakan fito ja wur, ruwan zuma ya koma ruwan ƙwai. Don haka idan za a ɗauki sabo, a ƙara layi ɗaya a saƙon: a fito da kayan bakin ƙofa inda hasken rana yake amma ba ya dukansu kai tsaye, a kashe filasha, a goge gilashin kyamara, a matso da ƙafa maimakon jawo hoton da yatsa, a kuma ajiye farar takarda a gefen yadin. Idan takardar ta fito fara a hoto, launin yadin ya kusa gaskiya. Idan ta fito da shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya, yadin ma haka ya karkata, sai a sake.

Da fayilolin suka cika, saura kada ita ma ta ɓata su da hannunta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓi na asali a wayar shago, a tura wa wayar gida ta hanyar da aka saba, a ɗora daga can. An koma 1600 ke nan. Ta buɗe folda ta sa mata sunan mai kayan da watan, ta ajiye na asalin ba tare da ta taɓa su ba, duk yanka da rubutun farashi a kan kwafi za a yi. Instagram zai matse nasa, ba makawa, amma matsewa ɗaya daga fayil mai 3000 tana barin duwatsun a bayyane. Mai ɗab'i kuma a kai masa a filas ko a tura masa ta Document, a tambaye shi girman da ya gani a kwamfutarsa kafin ya buga. In ya ce 3000 da 4000, sai a ce ya fitar da gwaji ɗaya a takarda, a ɗora shi kusa da leshin a gani kafin a biya kuɗin sauran.